Yadda za ka raba jerin kayan shago rukuni-rukuni, kowane da jimillarsa

*Assalamu alaikum. Ina da shagon firobishin a Kasuwar Singa. Ɗana ya zuba mini jerin kayan shago a Excel, sun kusa ɗari uku, amma a cakuɗe suke: shinkafa a sama, sabulu a ƙarƙashinta, sai madara, sai taliya. Ina so in ga kuɗin da ke kwance a kowane irin kaya daban, sannan jimillar duka a ƙasa. Da muka gwada, jimillar ta fito ninki biyu na abin da na san ina da shi. Yaya ake yi?*

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ninkin nan da ka gani yana da dalili guda ɗaya sananne, kuma za mu zo kansa. Amma bari mu fara daga tushe, domin yawancin matsalar irin wannan lissafi ba a wajen tarawa take ba, a wajen shirya jerin take. Idan jerin ya shiryu, tarawar ba ta wuce minti biyu.

Kafin komai, ku yi kwafin shafin, ku bar na asali ba a taɓa shi ba. A danna sunan shafin da ke ƙasa da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Move or Copy, a sa alama a Create a copy. A kan kwafin za a yi aiki. Jera kaya yana sauya tsarin layuka, kuma idan aka yi kuskure aka adana aka rufe, babu hanyar komawa.

Sai tsarin shafin. Kowane kaya layi ɗaya a kwance, kowane irin bayani kuma ginshiƙi ɗaya a tsaye. Ginshiƙai shida sun ishe ka: A rukuni, B sunan kaya, C ma'auni, wato buhu ne ko katan ko jarka, D adadi, E farashin sari na guda ɗaya, F ƙimar kayan. Layin farko na kanun ginshiƙai ne kaɗai. Kada a bar layi fanko a tsakiyar jerin, domin Excel yana ɗauka jerin ya ƙare ne a nan, sai ya yi aiki da rabin sama ya bar sauran. Kada kuma a haɗe gidaje biyu, wato ƙananan akwatunan shafin, su zama ɗaya don ado, domin zai ƙi jera kayan.

Ginshiƙin A shi ne zuciyar aikin, kuma kai ne za ka yanke hukunci a kansa, ba ɗanka ba, tunda kai ka san yadda kake saro kaya. Mutane da yawa suna rubuta sunan rukuni sau ɗaya a sama kamar kanun labari, sai su jero kayan a ƙarƙashinsa. A takarda wannan yana da kyau, a kwamfuta kuwa ba ya aiki. Dole kowane layi ya ɗauki sunan rukuninsa da kansa. Idan kayan wanki guda arba'in ne, a rubuta «Kayan wanki» sau arba'in.

Rukuni nawa? Ga shagon firobishin, tsakanin biyar zuwa goma ya isa. Idan suka kai talatin, ka koma inda ka fito, ido ba zai iya kwatanta su ba. Ka raba su bisa tambayar da kake son amsawa. Idan kana son sanin inda jarinka ya fi nauyi, raba ta nau'in kaya. Idan kuma bashin diloli ne ke damunka, wannan wani ginshiƙi ne daban mai sunan dila, kada a cusa shi cikin na rukuni. Kuma kowane kaya gida ɗaya yake da shi. Sukari zai iya zama kayan abinci, zai iya zama kayan shayi. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa wata da watanni, in ba haka ba lissafin watan jiya ba zai kwatantu da na wannan watan ba. Rukunin «Sauran kaya» kuma a sa masa ido. Idan ya fara kai kashi goma cikin ɗari na jarinka, akwai wani rukuni na gaske da ya ɓuya a cikinsa.

Akwai wani tarko da ya shafe mu masu rubuta Hausa musamman. A wajen kwamfuta, «Kayan ƙamshi» da «Kayan kamshi» da «Kayan k'amshi» rukuni uku ne daban-daban. Ɗanka na iya rubuta ƙ mai lanƙwasa a wayarsa, yaron shago ya rubuta k a kwamfuta, sai turare da man shafawa su rabu gida biyu. Haka nan tazarar da ido ba ya gani a ƙarshen kalma. Maganinsa shi ne a rubuta sunayen rukunan sau ɗaya a gefe, a zaɓi ginshiƙin A, a shiga Data, sai Data Validation, a zaɓi List a nuna masa waɗancan sunaye. Daga nan mai shigar da kaya zaɓa zai riƙa yi, ba rubutawa ba. Wannan yana tsare sabon shigarwa ne kawai. Ga tsofaffin layuka, a kunna Filter a buɗe jerin ginshiƙin A, duk sunan da ya fito iri biyu a gyara shi.

Yanzu adadi da kuɗi. A ginshiƙin D lamba zalla ake sawa. Idan aka rubuta «12 buhu» a gida ɗaya, kwamfuta za ta ɗauke shi rubutu, sai lissafin ƙima ya fito da `#VALUE!`, kuma wannan kuskure zai bi ya ɓata jimillar rukunin da babbar jimilla. Buhun ya tafi ginshiƙin C, 12 ta zauna ita kaɗai a D. Haka farashi: kada a rubuta N a gaban lambar. Alamar da ke tona asiri ita ce lamba tana jingina da gefen dama na gida, rubutu kuma da gefen hagu. Idan ka hango farashi ɗaya ya karkata hagu a tsakiyar 'yan'uwansa, a sake shigar da shi.

Kayan da aka fasa kuma a mayar da su ma'aunin farashinsu. Buhu goma sha biyu da rabi 12.5 ne. Idan katan ɗin sabulu yana ɗaukar guda 48, kuma saura guda 12 a wanda aka buɗe, wannan rubu'in katan ne, 0.25. Kuskuren da ke kumbura lissafi shi ne a sa adadin guda-guda a ninka da farashin katan.

A gidan F2 a rubuta wannan, a ja shi har ƙarshen jerin:

```
=D2*E2
```

Da farashin sari ake wannan lissafi, ba farashin sayarwa ba, idan abin da kake nema shi ne jarin da ke kwance. Farashin sayarwa ya ƙunshi ribar da ba ta shigo ba tukuna. Idan kana buƙatar ƙimar kayan a kasuwa ta yau, kamar lokacin da za ka zauna da malami kan lissafin zakka, ƙara wani ginshiƙi daban, amma kada a gauraya biyun a wuri ɗaya. Sannan kayan da abokin ciniki ya biya ya bari ajiya ba naka ba ne, kada su shiga jerin ko da suna cikin sito.

Kafin a taɓa komai, a wani gida can gefe a tara ginshiƙin F gaba ɗaya da SUM, ka rubuta lambar a takarda. Ita ce shaidarka. Raba kaya rukuni-rukuni ba ya ƙara kobo ba ya rage kobo, don haka babbar jimillar da za ta fito a ƙarshe dole ta zo daidai da wannan lamba. Bayan ka rubuta, a goge fomular.

Bari mu bi misali da kaya goma sha ɗaya, daga layi na 2 zuwa na 12. Farashin na misali ne kawai, ka sa naka. Jimillar da aka rubuta a takarda naira 3,648,000.

Mataki na farko jerawa. A danna gida ɗaya a cikin jerin, a shiga Data, a danna Sort, a tabbatar akwai alama a My data has headers, a zaɓi ginshiƙin rukuni. A nan akwai haɗari mai tsanani: idan aka zaɓi ginshiƙin A shi kaɗai aka jera shi, sunayen rukuni za su motsa su bar kayansu a baya, sai shinkafa ta wayi gari a kayan wanki. Excel kan yi gargaɗi, kuma amsar ita ce Expand the selection. Jerawa ba zaɓi ba ce. Excel yana saka jimilla ne duk inda sunan rukuni ya sauya daga layi zuwa layi, don haka a jeri mai kaya ɗari uku da ba a jera ba, za ka iya samun ƙananan jimilloli sama da ɗari, «Kayan miya» shi kaɗai ya fito sau ashirin.

Mataki na biyu, har yanzu a Data, can gefen dama akwai Subtotal. Idan aka danna, ƙaramar taga za ta buɗe da tambayoyi uku. A At each change in, zaɓi Rukuni. A Use function, zaɓi Sum. A Add subtotal to, sa alama a Ƙima kaɗai, a cire daga sauran. A bar alamar Summary below data, sai OK. Idan aka tarar maɓallin Subtotal ya dushe ba ya dannuwa, to an mayar da jerin Table ne a baya. A shiga Table Design a danna Convert to Range, zai dawo.

Ga abin da zai fito:

| Layi | Rukuni | Kaya | Ma'auni | Adadi | Sari | Ƙima |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 2 | Abin sha | Madarar gari | katan | 6 | 48,000 | 288,000 |
| 3 | Abin sha | Ganyen shayi | katan | 4 | 21,000 | 84,000 |
| 4 | Abin sha | Lemon kwalba | fakiti | 30 | 4,200 | 126,000 |
| 5 | Abin sha Total | | | | | 498,000 |
| 6 | Kayan abinci | Shinkafa | buhu | 12 | 62,000 | 744,000 |
| 7 | Kayan abinci | Fulawa | buhu | 8 | 55,000 | 440,000 |
| 8 | Kayan abinci | Taliya | katan | 40 | 17,500 | 700,000 |
| 9 | Kayan abinci Total | | | | | 1,884,000 |
| 10 | Kayan miya | Man gyaɗa | jarka | 7 | 68,000 | 476,000 |
| 11 | Kayan miya | Tumatirin leda | katan | 15 | 9,000 | 135,000 |
| 12 | Kayan miya | Magi | katan | 5 | 36,000 | 180,000 |
| 13 | Kayan miya Total | | | | | 791,000 |
| 14 | Kayan wanki | Sabulu | katan | 20 | 14,000 | 280,000 |
| 15 | Kayan wanki | Omo | katan | 10 | 19,500 | 195,000 |
| 16 | Kayan wanki Total | | | | | 475,000 |
| 17 | Grand Total | | | | | 3,648,000 |

Layi na 17 ya dace da takarda. Ka lura ban ce a tara adadi ba. Da an tara, da an samu 157, kuma wannan lamba ba ta nufin komai, tunda buhu ne da jarka da katan da fakiti a kwano ɗaya. Kuɗi ne kaɗai ma'aunin da ya haɗa su. Adadi yana taruwa ne kawai a rukunin da duk kayansa ma'auni ɗaya ne.

To, ga batun ninki. Dubi ginshiƙin ƙima a yanzu: akwai kayan kansu, akwai kuma jimillar kowane rukuni, duk a tsaye ɗaya. Idan aka zo ƙasa aka ce SUM ya tara daga F2 zuwa F16, zai tara shinkafa a layi na 6, ya sake tara ta a cikin 1,884,000 na layi na 9. Kowane kaya ya shiga sau biyu, sai a samu 7,296,000. Duk lokacin da jimillarka ta zama ninki biyu cif-cif, wannan ne, ba wani abu ba. SUM ba ya bambanta kaya da jimilla, lamba kawai yake gani.

Excel yana kauce wa wannan da wata fomula daban. Idan ka danna gidan F5 da F17 za ka ga:

```
=SUBTOTAL(9,F2:F4)
=SUBTOTAL(9,F2:F15)
```

Lamba 9 tana nufin a tara. Sirrin fomular shi ne tana tsallake duk gidan da shi ma SUBTOTAL ne a cikinsa. Shi ya sa ta ƙasan take ratsa layi na 5 da na 9 da na 13 ba ta ɗauke su ba. Amma sharaɗin sai an cika shi ta ɓangare biyu. Idan ƙananan jimillolin da SUM aka yi su, ko aka buga lambar da hannu, babbar za ta ɗauke su kamar kaya, ninkin ya dawo. Idan rukuni ɗaya kawai aka yi wa haka, ba ma ninki za ka gani ba, ƙari ne daidai girman wannan rukunin, wanda ya fi wuyar ganewa. A misalinmu, idan layi na 13 da hannu aka rubuta shi, babbar jimilla za ta nuna 4,439,000, kuma mutum zai iya yarda da ita.

Wani hali na wannan fomula da ya kamata ka sani: idan an kunna Filter aka ɓoye wasu layuka, tana tara abin da ke bayyane ne kawai. Wannan yana da amfani, amma yana firgita mutum idan ya buɗe shafi ya ga jarinsa ya ragu da rabi alhali yaro ne ya bar tacewa a kunne. Dubi lambobin layuka a gefen hagu. Idan sun koma shuɗi suna tsallake, akwai tacewa, a danna Clear.

A can gefen hagu kuma za ka ga ƙananan lambobi 1, 2, 3. Na 3 yana nuna komai, na 1 babbar jimilla kaɗai, na 2 kuwa shi ne naka: layuka biyar, rukuni huɗu da jimilla. A nan ne lissafin zai fara yi maka magana. A misalinmu kayan abinci sun ɗauki kusan kashi 52 cikin ɗari na jarin, kayan miya kusan 22, abin sha kusan 14, kayan wanki 13. Idan kayan abinci su ne masu fita kullum, babu laifi. Idan kuwa rukunin da ya ci rabin jari shi ne mai kwana wata biyu a sito, ka ga inda kuɗin sari yake maƙalewa. In za a kwafi wannan taƙaitawa zuwa wani wuri, a zaɓe ta a danna Alt tare da alamar `;` kafin kwafi, in ba haka ba ɓoyayyun layukan duk za su biyo.

Matsalar wannan hanya ita ce sabon kaya. Idan aka cusa layi a ƙarshen rukuni, dab da layin jimilla, ba kullum fomular ke faɗaɗa ta ɗauke shi ba. Idan kuma aka sake jera shafin alhali jimillolin suna ciki, tsarin zai rushe. Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce a koma Subtotal a danna Remove All, a ƙara kayan, a jera, a sake sakawa. Don haka na fi son a ɗauki wannan shafi a matsayin rahoton ranar ƙirgar kaya, wanda za a buga a takarda a ajiye.

Ga lissafin yau da kullum kuwa, shawarata a bar jerin a miƙe ba jimilla a cikinsa, a yi taƙaitawa a shafi na biyu. Sunayen rukuni a ginshiƙin A, daga A2 zuwa A5 a misalinmu. Idan sunan shafin jerin Kaya ne, a B2 a rubuta ta farko a ja ta zuwa B5, a B6 ta biyu, a B7 ta uku:

```
=SUMIF(Kaya!A:A,A2,Kaya!F:F)
=SUM(B2:B5)
=SUM(Kaya!F:F)-B6
```

Ta farko tana cewa: duba duk layin da rukuninsa ya dace da wannan suna, ka tara ƙimarsa. Ba ta buƙatar jerawa, kuma duk kayan da aka ƙara a ƙasa za ta ɗauke su nan take. A nan SUM ba shi da haɗari, tunda jimilloli ne kaɗai a ginshiƙin. Wannan hanya kuma tana aiki a waya, a Excel ko Google Sheets, inda ba za ka sami maɓallin Subtotal ba.

Gidan B7 shi ne mai gadi, kuma dole ya nuna sifili. Ga dalilin da ya sa ba na yarda a bar shi. A ce a layin man gyaɗa an rubuta «Kayan miya» da tazara a ƙarshe. SUMIF ba zai gane shi ba, kuma ba zai yi ƙorafi ba, shiru zai yi ya tsallake. Kayan miya za su nuna 315,000 maimakon 791,000, babbar jimilla ta sauka zuwa 3,172,000, komai kuma a ido lafiya. B7 ne kaɗai zai nuna 476,000. Sai ka nemi kayan da ƙimarsa ta yi daidai da wannan lamba, ka tarar da jarkokin mai guda bakwai. Haka zai kama kayan da aka manta ba a ba su rukuni ba, da sabon rukunin da aka buɗe a jeri ba a ƙara shi a taƙaitawa ba.

Idan kana da abokin hulɗa a Maraɗi ko Damagaram da zai buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ke kan Faransanci, zai ga sunayen sun sauya zuwa SOUS.TOTAL da SOMME.SI, da alamar `;` a madadin waƙafi. Lissafin ɗaya ne, kada ya gyara komai.

Saura kwatanta da littafin shago, tunda na tabbata ba za ka yar da shi ba, kuma bai kamata ba. Kada ka fara da babbar jimilla, bi rukuni-rukuni, domin amfanin ƙananan jimilloli ke nan: idan uku sun dace ɗaya ya saɓa, layuka talatin za ka bincika maimakon ɗari uku. Idan bambancin ya rabu da 9 ba saura, ka fara zargin an juya lambobi biyu wajen kwafi. Shinkafar 744,000 da aka rubuta 474,000 tana ba da giɓin 270,000, wanda tara ke rabawa daidai. Idan giɓin ya yi daidai da ƙimar wani kaya, an tsallake shi ne ko an shigar da shi sau biyu, abin da ke yawan faruwa idan kaya ɗaya yana shago yana kuma sito. A irin wannan, a ƙara ginshiƙin wuri, kowane layi ya faɗi inda aka ƙirga shi, a rubuta ranar ƙirgar a sunan shafin.